Ɗana, Wannan Takarda Taka Ba Za Ta Fito da Kuɗi Ba

Ɗana, ina jajanta maka abin da ya same ka. Allah Ya mayar maka da mafi alheri, Ya tsare gaba. Ƙanenka ya kawo mini takardar da ka shirya aika wa kamfanin inshora kan gobarar shagonka, ya ce ka ce in duba in sa albarka. Na karanta ta sau biyu, na farko da idon baffanka, na biyu da idon akawun da ya yi shekara ashirin da wani abu a wani kamfanin sayen auduga a Gusau, inda kusan kowane rani sai wuta ta taɓa mana wani tari, kuma ni ake sa wa in rubuta takardar neman diyya. Baffanka ya ji tausayi har ya share hawaye. Akawun kuwa bai sami abin da zai kama ba.

Shafi huɗu ka rubuta. Ka faro daga yadda ka fara kiri da mudu a kasuwar Tsafe, ka bi ta rashin lafiyar mahaifiyarka, ka kawo matsalar tsaro a hanyar Funtuwa da yadda ta karya ciniki, sai a tsakiyar shafi na uku wuta ta tashi. Duk gaskiya ne, ni shaida ne. Amma ka san wa zai karanta? Kamfani ba ya zuwa da kansa. Mutum yake ɗauka wanda aikinsa ke nan, mai tantance asara, wanda 'yan harkar ke kira ajasta. Mai yiwuwa daga Kano ko Kaduna zai taso, da fayil-fayil na wasu mutane a jakarsa, kuma zai so ya gama da Tsafe ya kama hanya tun rana na sama. Abu huɗu yake nema kafin ya ɗaga ƙafa: yaushe abin ya faru, me ya jawo shi, nawa ake nema, kuma wace takarda ce ke tabbatar da haka. In ya gan su a shafin farko, ya san tambayar da zai zo da ita. In bai gan su ba, sai ya rubuto maka yana tambaya, kai ka amsa, ya sake tambaya, kowace kai-komo ta ci maka mako biyu, bashin banki kuma yana nan yana jira.

Bari in fara da ranar, domin nan ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Ka rubuta cewa wutar ta tashi "ranar Talata da dare". Ni na fahimce ka. Amma da na tambayi maigadin layinku, cewa ya yi "daren Laraba", kuma shi ma bai yi kuskure ba, don a lissafinmu dare ne ke gaba da yini, shi ya sa daren Juma'a yake faɗowa ranar Alhamis bayan magariba. Rahoton 'yan kwana-kwana kuma ya ce Laraba, 14 ga Janairu, saboda wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka ga hayaƙi, su kuma agogo suke bi, ranarsu tana juyawa da sha biyun dare. Takardar 'yan sanda da ka karɓo ta ce Talata 13, don abin da ka faɗa musu suka rubuta. To ka gani: wuta ɗaya, rana biyu. Wanda ke zaune a ofis bai san daren Laraba ba, bai san maigadi ba. Takardu biyu ya gani sun saɓa, kuma an koya masa cewa inda takardu suka saɓa, nan ake tsayawa a tona.

Kada ka ɗauka wasa ne. Abu na farko da ake yi da ranar shi ne a ɗora ta kan wa'adin inshorarka, a ga ko ta faɗa ciki, a kuma duba ko kuɗin shekarar ya shiga kafin ranar. Ƙa'idar dokar inshora a ƙasar nan ita ce in ba a biya kuɗi ba, babu kariya. Naka ka biya tun watan Oktoba, alhamdulillahi, rasit ɗin na nan. Abu na biyu, daga ranar ake ƙirga kwanakin da aka ba ka. Takardar inshorar gobara takan ce a sanar da kamfani nan take, sannan a kawo cikakken bayani a rubuce cikin kwanaki ƙayyadaddu, wasu 15, wasu 30. Buɗe taka ka ga nawa aka ba ka, yau ɗin nan. Sai ka koma ofishin 'yan sanda da rahoton 'yan kwana-kwana a hannunka, ka roƙi a gyara ranar. A takardarka kuma ka rubuta ta sau ɗaya, cikakkiya: Laraba, 14 ga Janairu, 2026, misalin ƙarfe 1:30 na dare. Ka ƙara da cewa da safiyar ranar ka kira wakilin kamfani ka faɗa masa, ka kuma tura masa saƙo. Saƙon nan kada ka goge shi, shaida ne.

Yanzu sanadin wutar. Nan ne zan ɗan ja maka kunne, don abin da ka rubuta bai dace da kai ba. Ka ce kana kyautata zaton mahassada ne, ko kuma mutanen daji ne suka shigo. Ka gani da idonka? Wani ya gani? Da na tambaye ka a waya, ce mini ka yi a'a, zuciya ce kawai ta raya maka. To ɗana, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a rubuce, da sa hannu a ƙasa. Ban da zunubin, ga abin da kalmar za ta jawo maka. Inshorar gobara ba ta ɗaukar kowace irin wuta. Ainihinta gobara ce da tsawa. Iska da ambaliya da tarzoma da ɓarnar ganganci sai an ƙara su da ƙarin kuɗi, yaƙi da ta'addanci kuma galibi a waje suke gaba ɗaya. Ranar da ka rubuta "mutanen daji", ka ɗauki fayil ɗinka da hannunka ka aza shi a layin da za a yi wata da watanni ana muhawara a kan wane irin hari ne, alhali babu harin da aka kai.

Kada kuma ka fahimce ni a karkace. Da a ce hari aka kai, da sai in ce ka rubuta hari, ko da za ka rasa komai. Yarjejeniyar inshora a kan gaskiya take tsaye, kuma akwai sharaɗi a cikinta cewa wanda ya yi ƙarya a neman diyya ya rasa dukkan haƙƙinsa, har da ɓangaren da yake na gaskiya. Abin da nake so ka koya shi ne raba abin da aka gani da abin da ake zato. Abin da aka gani ga shi: an kawo lantarki wajen sha biyun dare bayan kwana biyu babu, maigadi ya ga hayaƙi na fita ta saman ƙofa, ɓangaren da mita take, ƙofa a kulle take da kwaɗo biyu, sai da aka fasa, mutanen unguwa suka yi ta kai ruwa kafin motar kashe gobara ta iso. Rahoton 'yan kwana-kwana ya ce ana jin wayar lantarki ce. Ka rubuta haka, ka jingina maganar gare su, ka tsaya. Jimla huɗu ko biyar sun isa. Tabbatar da sanadi aikin ajasta ne, don haka ne ma nake roƙonka kada ka bari a share shagon, kada a cire ƙonanniyar waya da mitar, sai ya zo ya gani. Na ji an ce mai ginin yana matsa maka a kwashe toka. Ka ba shi haƙuri, in ya ƙi ka turo shi wurina.

Sai kuɗi. Ka rubuta "aƙalla miliyan goma sha biyu". Kalmar "aƙalla" ta ciniki ce, ta wanda ya sa farashi sama don a taya. Nan ba a tayawa. Lamba ake so wadda in an bi ta da alƙalami za a dawo kanta. Jiya da dare na zauna da littafin shagonka, wanda Allah Ya sa kake kai shi gida, na ga yadda miliyan goma sha biyun ta taru. Ka sa ribar da kake sa ran ci in kaya sun tashi wajen bazara. Ka sa kwanon rufi da ƙofa, alhali ginin haya kake yi, kuma inshorarka ta kaya ce kawai. Ka kuma sa buhu 25 na manoman da suka ba ka ajiya. Waɗannan ukun duk su fita. Ribar da ba a ci ba tana da irin nata inshorar daban, ba ka saye ta ba. Gini na mai gini ne. Kayan ajiya kuwa ba sa shiga sai an ambace su a takardar inshora tun farko, kuma na duba, ba a ambata ba. Na san wannan ne ya fi yi maka ciwo, don amana ce. Za mu zauna da masu kayan, ni da kai, mu yi magana ta fahimta. Amma ka faɗi a takardarka cewa akwai buhu 25 na ajiya da ba ka neman kuɗinsu, don in ajasta ya auna tarin abin da ya ƙone ya ga ya fi lissafinka, ya san dalili.

Ga abin da ya rage, da farashin da ka saya kamar yadda yake a littafi. Masara buhu 120 a kan naira 38,000, ya kama 4,560,000. Waken soya buhu 40 a kan 70,000, ya kama 2,800,000. Dawa buhu 30 a kan 32,000, ya kama 960,000. Jimla 8,320,000. A cikin masarar akwai buhu 20 da ba su ƙone ba, ruwa ne ya jiƙa su, masu kiwo sun taya 12,000 kowanne, wato 240,000. Ka cire da kanka tun kafin a ce ka cire, saura 8,080,000. Wannan ce lambar da za ta hau saman takarda. Kuma kada ka sayar da jiƙaƙƙun nan sai ajasta ya gani ya amince. Ka dai shanya su kada su ruɓe, don wajibi ne a kanka ka rage asarar iya ƙarfinka. In kasuwa ta faɗi tsakanin ranar da ka saya da ranar gobara, zai iya bin farashin ranar gobarar, wannan ma ka sa a ranka.

Akwai wata magana mai ɗaci da gara ka ji ta daga bakina. Kayan da ke cikin shagon a daren nan ba waɗanda suka lalace ba ne kaɗai. An fitar da waken soya buhu 24 lafiya lau, kuɗinsu 1,680,000. In ka haɗa da 8,320,000, kayan miliyan goma cif ke nan. Kai kuwa inshorar miliyan takwas ka yi, don lokacin da banki ya sa ka yi ta ba ka cika shago ba, da kaka ta yi ka ƙara kaya ba ka sanar ba. Akwai sharaɗi a takardarka da ke cewa in darajar kaya ta fi abin da aka yi wa inshora, mai kaya ya ɗauki rabonsa na asarar. Takwas cikin goma ka sa a hannunsu, takwas cikin goma za su biya. Wato 8,080,000 za ta koma 6,464,000, sannan a cire ɗan kason farko da takardar ta ce mai kaya ne ke ɗauka a kowace asara. Na san abin da wani zai raɗa maka a kunne: kada ka ambaci buhu 24 ɗin, ka kai su gidan surukinka. Kul. Rabin unguwa sun ga an fitar da su, littafinka ma ya nuna an saye su. Kuma tunda ta takaful ka yi, ka tuna asusun da za a biya ka daga ciki gudummawar 'yan'uwanka ce, masu shago da masu mota irinka. Abin da ka ƙara da ƙarya, daga aljihunsu ya fito.

Saura shaidu. Ka ɗaure mini takardu goma sha bakwai da roba, rasit ɗin asibiti ma na ciki. Ajasta ba zai zauna yana tsince tsakuwa daga shinkafa ba. Kowace takarda da za ka haɗa, ka tambayi kanka wace jimla ce a wasiƙar take tsaya wa. In babu, a mayar da ita gida. Waɗanda suka rage ka rubuta musu lamba babba a saman kusurwa, 1, 2, 3, ka kuma ambaci lambar a daidai inda maganarta ta zo. Ka ce an biya kuɗin inshora, sai ka sa "takarda ta 2" a gabansa. Ka ce ga abin da 'yan kwana-kwana suka gani, "takarda ta 3". Ta haka idonsa na kan jimla, hannunsa na kan shaidar.

Inda za ka sha wuya shi ne tabbatar da yawan buhuna, don toka ba ta ƙirguwa, mu kuma cinikin hatsinmu ba na rasit ba ne. Ba wanda ke ba ka takarda a bakin kasuwa in ka sayi buhu goma hannun manomi. Ajasta ya san haka, ba yau ya fara zuwa Arewa ba. Abin da yake so shi ne lissafi mai bin hanya: abin da ke ciki a ƙirgar ƙarshe, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita. A littafinka, ƙarshen Nuwamba masara buhu 60 ce, ka sayi 150 bayan nan, ka sayar da 90, saura 120. Ka yi wa soya da dawa haka, a shafi guda. Sannan ka tallafa masa da abin da ba hannunka ne ya rubuta ba: bayanin asusunka na banki na wata uku, inda kuɗin da ka tura wa dillalai suka fito da ranakunsu, takardun direbobin da suka sauke maka kaya, rasit ɗin harajin kasuwa, da takarda daga shugaban ƙungiyarku ta 'yan hatsi. Hotunan da ƙanenka ya ɗauka da safe a wanke guda shida masu kyau, a rubuta a bayan kowanne abin da yake nunawa. Littafi kuwa hoton shafukansa za ka ba su. Ainihinsa ya zauna wurinka, a nuna wa ajasta in ya zo. Kuma don Allah kada ka sake kwafe shi cikin sabon littafi don ya yi tsabta. Tsohon nan mai maiƙo da goge-goge shi ne abin yarda, sabon littafi da biro ɗaya daga farko har ƙarshe shi ke sa a ɗaga gira.

To ga yadda nake so shafin ya tsaya. Da Turanci za a buga, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. A sama sunanka kamar yadda yake a takardar inshora, harafi da harafi, ba laƙabin da ake kiranka da shi a kasuwa ba, sai lambar waya mai shiga. A ƙasa da shi kan magana, layi biyu: neman diyyar gobara, lambar inshora, ranar gobara, adireshin shago, da naira 8,080,000. Wanda ya karanta wannan kaɗai ya riga ya sami biyu cikin huɗu. Sakin layi na farko rana da lokaci da wuri da yadda ka sanar. Na biyu abin da aka gani. Na uku lissafin kuɗi, kowane hatsi da layinsa, da abin da aka cire, da abin da ya tsira, da maganar ajiya. Na huɗu ka ce shago yana nan yadda wuta ta bar shi, ga wanda za a nema ya buɗe, kana roƙon a turo mai tantancewa. Sai sa hannu da kwanan wata, sai sunayen takardun da ka haɗa bisa lambarsu. Shafi ɗaya, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Adireshin ka duba shi da kyau ya zo daidai da na takardar inshora, don kayan da ke wannan shagon aka yi wa kariya, ba duk inda ka aje buhu ba.

Ka buga kwafi uku. Ɗaya na kamfani, ɗaya na banki tunda sunansu na kan takardar kuma mai yiwuwa ta hannunsu kuɗin zai bi, ɗaya naka. Naka shi za ka miƙa a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. In ta imel aka tura, a adana shaidar turawa. Ina da dalilin nacewa a kan wannan. Wata shekara mun aika takarda ta hannun direba ba mu karɓi hatimi ba, bayan wata biyu aka ce ba ta iso ba, muka koma farko. In an gama tantancewa za a kawo maka takardar sallama mai ɗauke da adadin da suka amince. Kada ka sa hannu a tsaye, ka kawo mu karanta, don bayan sa hannu magana ta ƙare. In kuma aka yi ta ja maka rai babu dalili, akwai hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana da sashen karɓar koke, kuma a 2025 an sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003. Amma su ma abin da za su fara tambayarka shi ne kwafin wasiƙarka mai hatimi.

Shafuka huɗun nan naka ban yaga su ba. Na aje su a akwatina, wata rana 'ya'yanka za su so su san yadda ubansu ya fara da mudu ɗaya. Gobe bayan la'asar ka zo da takardar inshorar, da rasit ɗin Oktoba, da rahoton 'yan kwana-kwana. Ka fara biyawa ta ofishin 'yan sanda a gyara ranar, sannan ka taho da ƙanenka da kwamfutarsa, mu rubuta ta tare kafin magariba.